Babi na Huɗu: Kabarin da Kyarkeci Yake Gadi

A cikin wasan Dark Souls akwai wani maƙeri mai suna Andre, wanda yake zaune a ƙarƙashin wani tsohon gini yana ta dukan ƙarfe. Idan ka duba hajarsa za ka ga kayan faɗa da kayan gyara, sai kuma wani tambari mai suna Crest of Artorias, wanda kuɗinsa rai 20,000 ne. A wannan wasa rayukan abokan gaba da ka kashe su ne kuɗi, kuma a farkon tafiya 20,000 dukiya ce. Tambarin ba ya sara, ba ya kare sara. Ƙofa ɗaya kawai yake buɗewa a cikin wani daji, kuma ɗan bayanin da ke jikinsa yana cewa ƙofar tana kai wa ga kabarin wani barde mai suna Artorias, wanda ya taɓa ratsa duhu. Ba a dakatar da wasa an nuna maka fuskarsa ba, ba a kuma kawo wani dattijo ya zaunar da kai ya ba ka tarihinsa ba. Suna ne kawai a jikin haja, da farashi mai tsada da ke nuna cewa akwai wani abu a bayan ƙofar.

Kamfanin FromSoftware na birnin Tokyo ya fitar da Dark Souls a shekarar 2011, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Wasan yana buɗewa da guntun fim na 'yan mintoci, wanda ke nuna yadda wuta ta bayyana a duniyar wasan, da yadda sarki Gwyn da abokansa suka ci dodannin farko da yaƙi. Daga nan sai ya ja bakinsa. Guntayen fim da suka rage gajeru ne ƙwarai, yawancinsu na shigowar babban abokin gaba ne, wanda 'yan wasa ke kira bos. Sauran tarihin an yayyanka shi an zuba a jikin zobba da takubba da makullai da tufafi, kowanne da jimla biyu ko uku. Miyazaki ya ba da labarin cewa yana yaro yakan ari littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, inda ya gane ya gane, inda ya kasa sai ya dubi zane ya cike giɓin da tunaninsa. Irin karatun da ya ɗora wa ɗan wasa ke nan.

Sai dai cike giɓi ba yana nufin kowa ya faɗi abin da ya ga dama ba. Wasan yana ba ka shaidu uku a kan kowane abu: abin da rubutun ya ce, wurin da ka tsinci abin, da kuma aikin da yake yi idan ka riƙe shi. Labarin Artorias shi ne wurin da ya fi nuna yadda shaidun nan suke haɗuwa, da yadda wani lokaci suke ƙaryata juna.

Zobe, kyanwa da kabari

A wani lungu na dajin nan, mai suna Darkroot Garden, akwai gawa da ke ɗauke da zobe mai suna Wolf Ring, wato zoben kyarkeci. Rubutunsa yana cewa yana cikin zobban da aka ba bardawan Gwyn guda huɗu, kuma na Artorias ne, mutumin da zuciyarsa ba ta tanƙwaruwa kuma ba shi da na biyu wajen riƙe babban takobi. Idan ka sa zoben, abin da yake ƙara maka shi ne tsayuwa: sara ya same ka amma ba ka tangaɗi, kana ci gaba da kai naka. Rubutu ya ce mutumin ba ya tanƙwaruwa, zobe kuma ya hana ka tanƙwaruwa. Ko wanda bai karanta ba ya ji halin Artorias a jikinsa.

Kalmar "huɗu" kuma tarko ce da aka ɗana wa mai lura. Tunda an ce huɗu, ina sauran ukun? Zoben shaho na Gough yana cikin akwati a birnin Anor Londo. Zoben zaki na Ornstein ne, kuma shi kam za ka yi gaba da gaba da shi. Zoben zirnako na Ciaran ne, kuma za mu zo inda yake. Tsakanin zobe da zobe akwai tafiyar sa'o'i da yawa, ba kuma wani jadawali a cikin wasan da ke jera maka su. Kai ne za ka tuna cewa ka taɓa ganin irin wannan jimla.

A tsakiyar dajin za ka tarar da wata ƙatuwar kyanwa mai magana, Alvina, shugabar masu gadin wurin. Ita kuma abin da take faɗa ya saba wa zoben: tana cewa labarin Artorias ƙirƙira ce, ratsa duhu tatsuniya ce, kada ka je ka halaka kanka a banza. Yanzu kana da magana biyu. Zobe ya yi kirari, kyanwa ta ce ƙarya ne. Sai ka tambayi kanka: idan ƙarya ne, me ya sa ta tara mayaƙa suna kashe duk wanda ya nufi kabarin?

Bayan wata babbar ƙofa akwai fili, a tsakiyarsa dogon dutsen kabari, an kewaye shi da takubban da aka kakkafa a ƙasa. Da ka matsa sai wani kyarkeci mai girman giwa, Sif, ya diro ya ɗauki takobi da bakinsa. Idan ka kusa gamawa da shi, sai ya fara ɗingishi, yana kai sara yana faɗuwa, amma ba ya gudu. Babu rubutun da ya ce ka ji tausayinsa. Ɗingishin ne ya faɗa. Idan ya mutu, sai ka zagaya bayan kabarin ka tarar da gawa, a jikinta zoben zirnako. Me ya kawo zoben Ciaran bayan kabarin Artorias? A wasan yadda ya fito a 2011 babu amsa. An ajiye shi ne a nan, aka bar wurin ya yi magana.

Birnin da aka nutsar

Abin da Sif ya bari shi ne wani zobe, Covenant of Artorias. Rubutunsa yana cewa alama ce ta alkawarin da Artorias ya ƙulla da halittun Abyss, wato ramin duhun da ba shi da ƙasa, kuma wanda ya sa shi zai iya tafiya a cikin duhun. Nan hoton jarumin ya fara dusashewa. Wanda aka ce ya ratsa duhu, ashe da yarjejeniya ya ratsa.

Amfanin zoben yana can a New Londo, kuma nan ne kufai yake karɓar aikin ba da labari. Idan ka sauka wurin da farko, birni ne da ruwa ya shanye, sai rufin gidaje da gadoji na katako, ga fatalwa suna fitowa ta cikin bango. Takobinka yana ratsa su kamar hayaƙi, sai ka yi amfani da wani abu da ke sa maka la'ana ta ɗan lokaci kafin ka iya taɓa su. A saman wani gini akwai mutum ɗaya mai jajayen kaya, Ingward. Shi yake ba ka makullin ƙofar ruwa, kuma rubutun makullin ne ke bayyana cewa da gangan aka nutsar da birnin, don a kulle sarakunansa huɗu da mayaƙansu da suka faɗa wa duhu, alhali an san rayuka masu yawa za su salwanta.

Wannan jiyau ne. Ganau yana zuwa idan ka murɗa makullin, ruwa ya janye. Ƙasan birnin cike yake da gawarwaki, tsibi a kan tsibi, kuma ba wata hanya sai ka taka su ka wuce. Da fim aka nuna maka nutsewar birnin, da ka kalla daga nesa, hannunka a sake. A nan kuwa kai ka buɗe ƙofar da hannunka, kai kuma kake tafiya a kansu.

Jajayen kayan Ingward ma suna da nasu zaren. Rubutun irin kayan yana cewa masu kulle birnin su uku ne, dā masu magani ne, kuma biyu sun gaji sun bar aikin. A can Blighttown, wani gari na dausayi mai guba da cuta, za ka tsinci irin kayan nan a jikin gawa, kusa da akwati mai ɗauke da sihirin warkar da guba. Rubutun sihirin ya ambaci wata mai suna Yulva cikin masu kullewar, ya kuma ce wataƙila ta bar aikinta ne don ta kai magani Blighttown. A lura da "wataƙila". Rubutu ɗaya ya ce gajiya, ɗaya ya ce jinƙai, kuma shi kansa mai rubutun bai rantse ba.

A ƙarshen New Londo akwai matakala da ke ƙarewa a bakin duhu. Idan ka faɗa ba zobe, ka mutu nan take. Idan ka sa zoben Artorias, sai ka dira a kan babu, ka yi faɗa da sarakunan huɗu. Zobe biyu kawai ake iya sawa a lokaci guda, don haka dole ka cire ɗaya daga cikin waɗanda ka saba dogaro da su. Wannan ita ce hanyar da wasan yake tilasta karatu ba tare da ya ce a karanta ba: wanda bai duba rubutun zoben ba zai yi ta faɗawa ramin yana mutuwa har sai ya koma jakarsa ya bincika.

Rabin da ba a faɗa ba

A 2012 aka fitar da ƙarin wasan mai suna Artorias of the Abyss. Wani ƙaton hannu yana fizgar ka zuwa zamanin dā, zuwa ƙasar Oolacile. Ba a gaya maka cewa ka taɓa zuwa wurin ba, amma idan ka yi tafiya kaɗan a dajin sai ƙafarka ta gane hanya: tuddai da kwaruruka irin na Darkroot Garden ne, sai dai yanzu da rana, ga masu aikin lambu suna kula da itatuwa. Kufan da ka sani ka gan shi tun yana da rai.

A wani filin dutse ka haɗu da Artorias. Sulkensa ya lalace, baƙin ruwa yana tsiyaya daga jikinsa, hannunsa na hagu yana lilo kamar tsumma, yana ruri ba magana. Garkuwa babu. Da hannu ɗaya yake jujjuya takobin, kuma duk da haka yana cikin mafi wuyar faɗa a wasan. Idan ka kashe shi, rubutun ransa yana faɗa ƙarara cewa labarin da ake bayarwa rabi ne: duhu ne ya ci shi, wani da ba a san sunansa ba ne ya gama aikin ya kuma rufa masa asiri. Wannan wanin kai ne.

Ina garkuwar? A can ƙasa cikin ramin, wata kyanwa, Alvina tun tana ƙarama, tana jan ka zuwa wani ɓoyayyen wuri inda ɗan kyarkeci yake kwance cikin da'irar haske, duhu ya kewaye shi. Idan ka cece shi sai ka sami garkuwar, Cleansing Greatshield, kuma rubutunta ya ce Artorias, bayan ya ji rauni, da ita ya yi wa Sif shinge. Yanzu komai ya zauna. Ya rasa garkuwa ne saboda ya bar wa abokinsa. Kyanwar da ta ce labarin ƙirƙira ce tana wurin, ta san yadda aka yi. Kuma idan ka koma filin da ya mutu za ka tarar da wata mace mai rufe fuska durƙushe a gaban ɗan kabari, tana roƙon ka ba ta ransa. Ita ce Ciaran. Wasan bai taɓa cewa gawar da ke bayan babban kabarin tata ce ba, amma ya nuna maka ta a bakin kabarinsa a dā, ya kuma ajiye zobenta a bayan kabarinsa a yanzu.

Akwai ƙari ɗaya. Idan ka ceci Sif a Oolacile kafin ka je kabarin, guntun fim ɗin shigowarsa yana canzawa. Yana danne ka, ya shinshina, ya gane ka, ya yi kuka, sannan ya je ya ɗauki takobin. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, ba kalma ko ɗaya. Nauyinsa duka daga abin da ka riga ka tattara yake. Wanda bai karanta komai ba kyarkeci kawai ya gani yana haushi.

Darasin da ke nan shi ne cewa rubutun jikin kaya ba muryar gaskiya ba ce. Zoben kyarkeci kamar maroƙi yake: bai yi ƙarya ba, amma ranar nasara kawai yake ambata. Labarin da ka yarda da shi a 2011 shi ne abin da mutanen duniyar wasan suke faɗa wa juna, kuma wasan ya nuna maka har wadda ta rufe bakin: wata tsohuwa mai siffar naman kaza, Elizabeth, tana gaya maka bayan ka gama cewa za ta riƙe labarinka a cikinta, tunda kai ba ɗan wannan zamanin ba ne.

Me ya sa ba wasiƙu ba?

Wasu wasannin sun bi wata hanya. System Shock na 1994 ya sa ka a tashar sararin samaniya da mutanenta suka riga suka mutu, kana tsintar saƙonninsu da muryoyin da suka naɗa. BioShock na 2007 ya ci gaba da wannan salo. Ƙarfin wasiƙa shi ne murya: ka ji tsoron mutum da bakinsa. Rauninta kuwa shi ne tambayar da kan zo wa mai hankali: wa zai tsaya rubuta dogon bayani dodo yana bakin ƙofa, kuma me ya sa takardun suka zube bi da bi daidai hanyar da zan bi?

Dark Souls ya kauce wa wannan ta hanyar liƙa labarin a jikin abin da dole ka duba. Ka tsinci takobi, za ka buɗe don ka ga ƙarfinsa, sai idonka ya faɗa kan jimla biyun da ke ƙasa. Har allon jira, wanda kake gani duk lokacin da ka mutu, bayanin wani kaya yake nuna maka. Rubutun da yake zube a ƙasa kaɗan ne kuma gajere. A cikin garin Oolacile akwai ɗaya da ke ambaton haske a gaban wani bango. Idan ka kunna fitila ko sihirin haske, bangon ya ɓace, a ciki akwai abin wuya na azurfa da aka ba Artorias don ya kore sihirin duhu. Ga shi a cikin akwati, nesa da ramin da ya shiga.

Inda ake zamewa

Salon yana da tsada. Na farko, mutum zai iya gama wasan bai san wa ya kashe ba, kuma da yawa sun san labarin Artorias ne daga bidiyoyin masu sharhi irin su VaatiVidya, wato fim ɗin da wasan ya ƙi yi wani ya yi shi a waje. Na biyu, fassara. Da Japananci aka rubuta wasan, kuma idan hujjarka jimla biyu ce, kalma ɗaya ta karkace labari ya karkace. A farkon wasan, inda ake zaɓar kyauta, bayanin Turanci na Tiny Being's Ring ya ce yana mayar da lafiya a hankali, alhali abin da yake yi shi ne ƙara yawanta kaɗan.

Na uku shi ne ganin ma'ana inda babu. Cikin kyaututtukan farko akwai wani abin wuya, Pendant, wanda rubutunsa ya ce ba ya aikin komai. Miyazaki ya ce shi da zai zaɓa, ko wannan ko ya tafi hannu sake. 'Yan wasa suka yi ta yawo da shi lungu-lungu suna gwadawa, daga baya ya ce tsokana ce. Haka kuma batun ɗan farin Gwyn, wanda aka cire mutum-mutuminsa daga Anor Londo aka bar gurbin fanko. Shekaru mutane suna cewa Solaire ne, barden nan mai son rana, don ya dace da zuciya. Amma rubutun kayan Solaire yana nanata cewa kaya ne na yau da kullum, ba wani ƙarfi na musamman a cikinsu, shi da kansa ya zana ranar da ke kan garkuwarsa. Da Dark Souls III ya fito a 2016, kayan wani bos mai suna Nameless King suka nuna cewa shi ne ɗan farin.

Ma'aunin da ke raba karatu mai ƙarfi da mai rauni shi ne adadin shaidun da suka yarda. Cewa Artorias ya ba Sif garkuwarsa, rubutu ya faɗa, wurin da aka samo ta ya nuna, hannunsa marar garkuwa ya tabbatar: shaidu uku. Cewa gawar bayan kabari Ciaran ce, wuri ya nuna, halinta ya goyi baya, rubutu ya yi shiru: zato ne mai ƙarfi, amma zato. Cewa Solaire ɗan sarki ne, kamanni ne kawai, kuma rubutu yana ja da shi.

Tambaya ɗaya ta rage da shaidun ba su rufe ba. Sif ya gane ka, ya san kai ka cece shi, me ya sa ya ɗauki takobi? Wasu sun ce amanar kabari ce. Wasu sun ce zoben yake hana ka, don ya ga abin da duhu ya yi wa mai shi na farko. Zoben yana jikinsa, ba kuma yadda za ka kai ƙarshen wasan sai da shi. Duk fassarar da ka ɗauka, faɗan ɗaya ne, kuma a ƙarshensa zai yi ɗingishi.